Maki 65 ko 57.46? Yadda jarrabawa ɗaya ta haifi matsakaici biyu

A ƙarshen zangon karatu na uku, rahotanni biyu suka isa teburin shugaban makarantarmu a rana ɗaya, dukansu a kan jarrabawar lissafi ta 'yan aji huɗu na sakandare. Rahoton jami'in jarrabawa ya ce matsakaicin makin ɗalibai, wato abin da malamai ke kira abareji, ya kai 65. Rahoton shugabar sashen lissafi ya ce 57.46 ne. Ɗaliban su ne dai, takardun amsa su ne dai, kuma babu wanda ya taɓa makin kowa bayan an gama dubawa.

Da a wata shekarar ce, da wataƙila an yi dariya an wuce. Amma hukumar gudanarwar makarantar ta riga ta kafa doka cewa duk rukunin da matsakaicinsa ya gaza 60 a lissafi, za a shirya masa darussan ƙari kafin ya shiga aji na gaba. Rahoto ɗaya ya haye layin da maki biyar, ɗayan bai kai shi ba. Ina koyarwa a sashen, sai aka miƙo mini takardun aka ce in gano wanda ya yi kuskure. Alƙaluman da zan kawo a nan na ɗan sassaƙe su, na cire ɓurɓushin da ke bayan ɗigo, domin mai karatu ya iya bi da biro da takarda.

Rukunin yana da azuzuwa uku, kuma ba a raba su daidai ba. A ajin A, ɗalibai 12 ne suka zauna jarrabawar, matsakaicinsu 82. A ajin B, ɗalibai 30, matsakaicinsu 64. Ajin C kuwa cunkus yake, ɗalibai 58, matsakaicinsu 49. Gaba ɗaya ɗalibai 100.

Abin da na fara zargi shi ne kuskuren tarawa ko na kwafa, domin shi ne ya fi yawan faruwa. Na bi makin kowane aji ɗaya bayan ɗaya, na tarar malaman aji ukun nan duk sun yi daidai. Sai na je wurin jami'in jarrabawa na tambaye shi yadda ya samu 65. Ya jawo takarda ya rubuta: 82 da 64 da 49 sun tashi 195, a raba gida uku, 65.

"Malam, ina kuskure a nan?" in ji shi. "Haka aka koya mana tun firamare. Ka tara, ka raba da yawan abin da ka tara."

Babu kuskure a tarawarsa, babu a rabawarsa. Shugabar sashe ita ma haka ta yi, ta tara ta raba da yawan abin da ta tara. Sai dai ita makin ɗalibai 100 ta tara, ta samu 5,746, ta raba gida 100. Shi lambobi uku ya tara, ita lambobi ɗari. To me zai sa amsar ta bambanta, alhali lambobin nan uku daga cikin ɗarin suka fito?

Abin da ya ɓace a hanya

Matsakaici rabo ne: jimla a sama, adadi a ƙasa. Da zarar an yi rabon an rubuta amsa, adadin ya ɓace daga idon mai karatu. Lambar 82 ba ta ɗauke da wata alama da za ta nuna ko mutum 12 ne suka haife ta ko mutum 1,200. Duk wanda ya ɗauki 82 da 64 da 49 ya tara su, ya ɗauke su ke nan a matsayin tsara, kowacce da kashi ɗaya cikin uku na amsar ƙarshe, ko ya yi niyyar haka ko bai yi ba.

Hanyar dawo da abin da ya ɓace ita ce a mayar da kowane matsakaici zuwa jimlarsa. Idan ɗalibai 12 suna da matsakaicin 82, to makinsu gaba ɗaya 12 sau 82 ne, wato 984. Na ajin B, 30 sau 64, ya ba da 1,920. Na ajin C, 58 sau 49, ya ba da 2,842. Uku ɗin nan in aka haɗa su, 5,746 ne, daidai abin da shugabar sashe ta samu da ta bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. A raba da 100, ga 57.46. Wannan shi ake kira matsakaici mai nauyi, domin kowane aji ya shiga lissafin da nauyin yawan mutanensa. Ba wata dabara ba ce ta daban, matsakaicin nan ne na yau da kullum aka biyo masa ta gajeriyar hanya.

Bayanin bai shigi jami'in jarrabawa ba sai da na juya maganar daga kan azuzuwa zuwa kan ɗalibi guda. Na ce masa: a lissafinka, ajin A yana da kashi ɗaya cikin uku na amsa, kuma mutum 12 ne ke raba wannan kason, saboda haka kowane ɗalibi a ciki yana riƙe da kashi ɗaya cikin 36. Ajin C ma kashi ɗaya cikin uku gare shi, amma mutum 58 ne ke raba shi, kowannensu ya tashi da kashi ɗaya cikin 174. Ke nan makin yaro ɗaya na ajin A ya yi nauyin makin yara kusan biyar na ajin C. Idan yarinya a ajin A ta ƙara maki 36 a takardarta, abarejinka zai ɗaga da maki ɗaya cur. Idan yarinya a ajin C ta ƙara makin nan 36, abin da zai motsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maki ne kawai.

Ya yi shiru, sannan ya ce shi fa bai fifita kowa ba. Gaskiya ne, bai yi da gangan ba. Rabawa da uku ce ta yi fifikon a madadinsa.

Daga ina 7.54 ɗin ya fito

Tsakanin 65 da 57.46 akwai tazarar 7.54, kuma ana iya bin sawunta har gida. A ɗauki 65 a matsayin tsakiya. Ajin A ya ɗara ta da 17, ajin B ya gaza ta da 1, ajin C ya gaza ta da 16. In aka haɗa waɗannan ba tare da kula da yawan mutane ba, sifiri ake samu, 17 na sama ya cinye 17 na ƙasa, shi ya sa 65 ta zama tsakiyar lambobin uku. Amma ɗalibai 12 kacal ne cikin ɗari ke ja sama, 58 na ja ƙasa. Jan ajin A shi ne 0.12 sau 17, wato 2.04 zuwa sama. Na ajin B, 0.30 sau 1, wato 0.30 zuwa ƙasa. Na ajin C, 0.58 sau 16, wato 9.28 zuwa ƙasa. A cire 9.58 na ƙasa daga 2.04 na sama, abin da ya rage 7.54 ne zuwa ƙasa. Babu ko ɗigo da ya ɓuya.

Daga wannan lissafin ana ganin abubuwa biyu da dole su haɗu kafin tazara ta fito. Dole girman azuzuwan ya bambanta, kuma dole matsakaitansu su bambanta. Da kowane aji yana da ɗalibai daidai da na ɗan'uwansa, da rabawa da uku ta ba da amsar gaskiya. Da kuma dukan azuzuwan sun tashi da 64, to ko yaya aka auna su 64 za a samu. Wannan ne dalilin da ya sa jami'in ya yi shekaru yana wannan lissafi ba a kama shi ba: a sauran rukunonin makarantar azuzuwan sun kusa zama kai ɗaya, 34 da 33 da 35 da makamantansu, tazarar ba ta kai abin da ido zai lura da shi ba.

Har ma haɗuwar sharuɗɗan biyu ba ta wajabta tazara. Abin da ke haifar da ita shi ne girma da maki su karkata tare. A ce azuzuwa uku masu ɗalibai 25 da 50 da 25, matsakaitansu 82 da 65 da 48. Girma ya bambanta, maki ya bambanta, amma hanyoyin biyu duk 65 suke bayarwa, saboda babban ajin yana zaune a tsakiya, ƙananan biyu kuma sun soke juna. Irin wannan dacen ba abin dogaro ba ne, na kawo shi ne don kada wani ya gwada sau ɗaya, ya ga amsoshin sun zo ɗaya, ya ɗauka hanyar ta inganta.

Alkiblar kuskuren kuma ana iya saninta kafin a taɓa kalkuleta. Idan manyan rukunai su ne masu ƙaramin maki, kamar a namu, matsakaicin matsakaita zai kumbura ya wuce gaskiya. Idan manyan su ne masu babban maki, zai gaza ta. Na gwada masa da juya yawan ɗaliban: a sa 58 a ajin A, 12 a ajin C, a bar makin yadda yake. Jimla ta zama 7,264, matsakaici 72.64. Lissafinsa kuwa yana nan a 65 bai ko motsa ba, duk da cewa makarantar da ake siffantawa ta zama wata daban.

Gwajin da ya kashe gardamar

Da muka koma ofishin shugaban makaranta, ya saurari duk wannan, amma na lura yana ganin abin kamar saɓanin ra'ayi ne tsakanin malamai biyu, kowa da hujjarsa. Sai shugabar sashe ta kawo misalin da ya fi duk nawa kaifi.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ai dama muna ta roƙon a raba ajin C gida biyu saboda cunkoso. A ce an raba shi jiya da daddare, 29 da 29, kowane ɓangare da matsakaicin 49. Yanzu azuzuwa huɗu ke nan. A tara 82 da 64 da 49 da 49 a raba huɗu, 61 ne. Da safe 65, da yamma 61, alhali babu yaron da ya sake rubuta ko harafi ɗaya. Nawa kuwa yana nan 57.46, ko gida goma aka raba su."

Shugaban ya ce, to in haka ne, wanda ke da ikon tsara azuzuwa yana da ikon tsara sakamako. Haka ne kuwa. Ma'aunin da ke canzawa don an ja labule a tsakiyar aji ba ƙoƙarin ɗalibai kaɗai yake aunawa ba, yana auna yadda aka zana iyakokin azuzuwa ne tare da shi. Tun daga ranar, wannan gwajin nake fara yi wa kowace lamba da aka ce mini matsakaici ce ta gaba ɗaya: in an raba wani rukuni biyu, ko an haɗe biyu wuri ɗaya, za ta motsa?

Wane adadi ne nauyin?

A nan na ɗauka an gama, ashe da saura. Jami'in jarrabawa ya koma ya gyara lissafinsa da nauyi, ya dawo da 57.06, ba 57.46 ba. Tazarar ƙarama ce, ba ta canza hukunci ba, amma tunda hanyoyin biyu ya kamata su haɗu daidai, rashin haɗuwarsu alama ce cewa wani abu ya kauce.

Ya ɗauko yawan ɗalibai ne daga rajista. A rajista ajin C yana da 63, amma biyar ba su zauna jarrabawar ba. Malamin ajin ya raba jimlar 2,842 ne da 58, waɗanda suka rubuta, ya samu 49. Da jami'in ya ninka 49 da 63, sai ya samu 3,087, wato ya ƙirƙiro maki 245 da babu wanda ya ci, kamar kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin ya zo ya samu 49. Nauyin da ake ninka matsakaici da shi dole ya zama ainihin lambar da aka raba da ita lokacin da aka fitar da shi. Wata lamba mai kama da ita, komai kusancinsu, ba za ta mayar da jimlar daidai ba.

Batun waɗanda ba su zo ba yana da wani tarko a na'ura. A manhajar Excel, aikin `AVERAGE` yana tsallake gurbin da aka bari fanko da wanda aka rubuta kalma a ciki, amma yana ƙirga gurbin da aka sa 0. Malamin da ya bar gurbin mai fashi fanko da malamin da ya sa masa sifiri ba abu ɗaya suke lissafawa ba, ko da umarni ɗaya suka buga. Da malamin ajin C ya sa wa biyar ɗin nan sifiri, da matsakaicin ajin ya sauko zuwa 45.11, na rukunin gaba ɗaya kuma 5,746 a raba 105, wato 54.72. Ko a ƙirga mai fashi da sifiri ko a cire shi, wannan hukuncin makaranta ne, lissafi ba zai yanke shi ba. Abin da lissafi ke nema kawai shi ne a bi ƙa'ida ɗaya a dukan azuzuwa, kuma adadin ƙasa ya bi ƙa'idar da aka zaɓa.

Ga wanda ke da matsakaita da adadi kawai a hannu, idan yawan waɗanda suka rubuta yana B2 zuwa B4, matsakaitan kuma suna C2 zuwa C4, abin da za a buga shi ne:

```
=SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)/SUM(B2:B4)
```

Ya kamata a san cewa idan malaman aji sun riga sun dunƙule matsakaitansu zuwa cikakkiyar lamba, amsar za ta iya kaucewa da abin da bai wuce rabin maki ba. In ana kusa da layi irin na 60 ɗin nan, rabin maki ba wasa ba ne, gara a koma wa ainihin jimlar.

Sai aka ce a kwatanta da bara

Da aka amince cewa 57.46 ce lambar rukunin, shugaban ya nemi a sake lissafa ta bara da hanya ɗaya don a ga ko an ci gaba. A nan lamarin ya ɗauki wani salo da ban yi tsammani ba.

Bara ma ɗalibai 100 ne suka rubuta. Ajin A yana da 20, matsakaici 80. Ajin B yana da 35, matsakaici 62. Ajin C yana da 45, matsakaici 48. Jimlar makinsu 5,930, matsakaici 59.30. A duba da kyau: bana ajin A ya tashi daga 80 zuwa 82, ajin B daga 62 zuwa 64, ajin C daga 48 zuwa 49. Kowane aji ya ɗaga. Amma rukunin gaba ɗaya ya sauko daga 59.30 zuwa 57.46.

Jami'in jarrabawa ya ga dama ta samu. "To Malama, ga shi nan," ya ce da shugabar sashe. "Kowa ya ƙara ƙoƙari, lissafinki ya ce an ci baya. Nawa ya ce daga 63.33 zuwa 65. Wanne ya fi kama da gaskiya?"

Tambaya ce mai kyau, ban kuma ga laifinsa da ya yi ta ba. Amsar ita ce abubuwa biyu ne suka canza tsakanin bara da bana, makin kowane aji da kuma rabon ɗalibai a tsakanin azuzuwa. Ajin da ya fi ƙaramin maki ya kumbura daga 45 zuwa 58, wanda ya fi babban maki ya tsuke daga 20 zuwa 12. Ana iya ware tasirin kowanne ta hanyar tsayar da ɗaya a bar ɗayan ya motsa. A ɗauki makin bana a auna shi da yawan ɗaliban bara: 20 sau 82, da 35 sau 64, da 45 sau 49, jimla 6,085, wato 60.85. Ke nan da rabon ɗalibai bai canza ba, da an tashi daga 59.30 zuwa 60.85, ƙarin 1.55. Sauyin rabon kuma ya janye 3.39, shi ya kai mu 57.46. Ƙari kaɗan, ragi mai yawa, sakamako ya zama saukowa da 1.84.

Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan juyin, inda kowane ɓangare ke nuna gabas, haɗakarsu ta nuna yamma. Ana kiransa da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951, ko da yake Udny Yule ya riga shi bayyana shi tun 1903. Misalin da ya fi shahara shi ne na ɗaukar ɗaliban digiri na gaba a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973. A jimlace an ɗauki kusan kashi 44 cikin ɗari na maza masu nema, mata kuma kusan kashi 35. Da aka bi sashe sashe, sai aka ga wannan tazarar ba ta fito a yawancin sassan ba. Mata sun fi neman sassan da ke ɗaukar mutane kaɗan daga cikin masu nema, maza sun fi neman masu ɗauka da yawa. Nauyi ne ya bambanta, kamar dai a azuzuwanmu.

Sai dai ni ban yarda a yi saurin murna da ƙarin 1.55 ɗin nan ba, kuma na faɗi haka a zaman. Makarantarmu tana raba azuzuwan ne bisa ƙoƙari, mafi hazaƙa a A, sai B, sai C, kuma bana an tsaurara sharaɗin shiga A da B. Idan aka cire na ƙarshen ajin A aka kai shi B, matsakaicin A zai ɗaga saboda an rage masa mai jan shi ƙasa, na B ma zai ɗaga saboda baƙon ya fi yawancin 'yan ajin. A gwada da yaro mai maki 70 a bana: in ya bar A, sauran 11 suna da jimlar 914, matsakaici 83.09. In ya shiga B, su 31 suna da 1,990, matsakaici 64.19. Azuzuwa biyu sun ɗaga, babu wanda ya koyi sabon abu. Saboda haka ɗagawar da kowane aji ya yi bana tana iya zama ta koyarwa, tana iya zama ta sauya layin rabo kawai, kuma alƙaluman da ke gabanmu ba za su bambance mana ba. Lambar da wannan sauyin ba ya taɓawa ita ce ta ɗalibai ɗari a dunƙule, ita kuwa ta sauka.

Shin 65 ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi, in an san tambayar da take amsawa. Idan abin da ake so a sani shi ne yadda aji yake tashi a wannan rukuni, ana ɗaukar kowane aji a matsayin abu guda, to kowane aji murya ɗaya gare shi, kuma 65 ce amsar. Idan kuwa ana tambayar makin da ɗalibi yake samu, kowane ɗalibi ne ke da murya ɗaya, amsar 57.46. Dokar hukumar gudanarwa kan darussan ƙari tana maganar ɗalibai ne, su ne za su zauna a darasin, don haka ba a yi doguwar muhawara kan wadda ta dace ba.

Wannan bambancin na ta bakin wa ake tambaya yana fitowa har a girman azuzuwan kansu. Shugaban makaranta zai ce matsakaicin girman aji a rukunin 33 ne da ɗoriya, in an ƙirga ɗalibai 100 da suka rubuta kawai a azuzuwa uku. Amma a tambayi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya su nawa ne a ajinsu: 12 za su ce 12, 30 za su ce 30, 58 za su ce 58. Matsakaicin amsoshinsu 44.08 ne. Shugaban bai yi ƙarya ba, yaran da ke kukan cunkoso ma ba su yi ba.

Akwai iyaka ɗaya da na ja hankalin jami'in a kanta, don na ga ya fara son ninka komai da yawan ɗalibai. Dabarar nauyi tana aiki ne ga abin da asalinsa jimla ce a kan adadi, kamar matsakaicin maki ko kason waɗanda suka ci jarrabawa cikin ɗari. Ba ta aiki ga makin ɗalibin da ya faɗo tsakiya in an jera aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Wannan ba rabo ba ne, matsayi ne a layi, kuma ba a iya gano na rukuni gaba ɗaya daga na azuzuwa uku, ko da an san yawan kowanne. Sai an haɗa ɗalibai ɗarin an sake jera su.

An aika wa hukumar gudanarwa da 57.46, aka kuma shirya darussan ƙarin, mafi yawan kujerun na 'yan ajin C. Fom ɗin da malaman aji ke cikewa a ƙarshen zango, wanda a da gurbi ɗaya ne da shi na matsakaici, yanzu yana da huɗu: yawan ɗalibai a rajista, yawan waɗanda suka rubuta, jimlar maki, sannan matsakaici. Jami'in jarrabawa da kansa ya koma kan rahotannin shekaru uku da suka wuce ya sake lissafa su. A rukunonin da azuzuwansu suka kusa daidaita, gyaran bai kai maki ɗaya ba. Batun ko tsaurara sharaɗin shiga ajin A ya amfani kowa, an ɗage shi zuwa lokacin da za a iya bin makin kowane ɗalibi daga aji uku zuwa aji huɗu, ba tare da duba harafin ajin da aka sa shi ba.